Me ya sa wankin ƙoda ba ya ƙara jini? Bayani kan allurar EPO da aikin ƙoda na auna iska

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a kowane zama. Labarin ya zaga gidajen masu jinya a Kebbi da Zamfara, musamman waɗanda ke zirga-zirga da maras lafiya tsakanin ƙauye da Birnin Kebbi, Gusau ko Sakkwato. Da yawa sun fahimci labarin a kan cewa idan wanki ya samu, magani ya kammala. Sai ga shi ana gama wankin likita ya dubi takardar gwaji ya ce jini ya yi ƙasa, ya rubuta wata allura mai suna EPO da za a dinga yi sau biyu ko uku a mako, ya haɗa da sinadarin ƙarfe na jijiya. A nan ne tambaya ke tashi, kuma a bakin mutanen yankin takan fito kamar haka: "Likita, mi yag gama ƙoda da jini? Ai mun ɗauka hitsari ɗai ta ka yi."

Tambayar tana kan hanya. Injin wanki yana cire datti da ruwan da ya yi yawa ne kawai. Ƙoda kuwa tana da wani aikin na daban da injin ba ya taɓawa: ita ce ke auna yawan iskar oksijin da jini ke ɗauke da ita, in ta ga ta yi ƙasa ta aika wa ɓargo saƙo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Saƙon shi ne sinadarin iritirofoyitin, wanda ake taƙaitawa da EPO.

## Lambobin da ke kan takardar gwaji

A asibitocinmu an fi auna jini da PCV. Ana cika ɗan siririn bututun gilashi da jini, a liƙe gindinsa, a juya shi a inji na mintoci kaɗan. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya tsaya a sama. Tsawon jan ɓangaren idan an gwada shi da tsawon duka, wato kashi nawa ne cikin 100, shi ne PCV. Lafiyayyen namiji yakan kasance tsakanin 40 da 50, mace kuma ƙasa da haka kaɗan.

Lamba ta biyu ita ce Hb, wato himogulobin, furotin ɗin da ke cikin jar ƙwaya wanda shi ne ainihin mai ɗaukar oksijin. PCV yakan ninka Hb kusan sau uku, don haka mai PCV 30 yana da Hb wajen 10. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin ƙarancin jini idan Hb ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu.

Akwai wani ruɗani da ke yawan faruwa a bakin gado. Ma'aikaciyar jinya ta maƙala 'yar na'urar nan a yatsan maras lafiya, ta nuna 98, sai dangi su ce to ai iskarsa lafiya lau. Na'urar tana faɗin kashi nawa ne na himogulobin ɗin da ke akwai ya cika da oksijin, ba ta faɗin yawan himogulobin ɗin. Kowane giram ɗaya na himogulobin yana ɗaukar kusan mililita 1.34 na oksijin. Mai Hb 15 yana ɗauke da wajen mililita 20 a kowace desilita ta jini, mai Hb 7 kuma bai kai 10 ba, alhali na'urar yatsa za ta iya nuna 98 a kan su duka biyun. Huhu ba shi da abin cewa a nan, domin ya cika duk abin da aka kawo masa. Ana bukatar wata gaɓa da za ta lura cewa masu ɗaukar ne suka ragu.

## Abin da ke gudana a cikin ɓargo

Jar ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, daga nan saifa da hanta su tsince ta su kwance ta, a mayar da ƙarfen da ke cikinta ɓargo. Don cike gurbin waɗanda ke mutuwa, ɓargon baligi yana fitar da sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, wajen biliyan 200 a yini. Wannan aiki a jikin baligi yana gudana ne a ƙashin ƙugu, ƙashin baya, haƙarƙari, ƙashin ƙirji da kawunan dogayen ƙasusuwa.

Komai yana farawa daga ƙwaya uwa, wadda za ta iya zama jar ƙwaya ko fara ko mai daskarar da jini. Wadda ta ɗauki hanyar ja takan yi ta rabuwa har ta iso wani mataki da masana ke kira CFU-E. A nan ne EPO ke da iko. Ƙwayar da ta kai wannan mataki tana da makamai a bayanta da EPO ke maƙalewa. In ya maƙale, ta rayu ta ci gaba da rabuwa. In bai zo ba, ta kashe kanta a hankali, sauran ƙwayoyin ɓargo su share ta. Ko a jikin mai ƙoshin lafiya, da yawa daga cikinsu a nan suke ƙarewa, saboda ɗan EPO ɗin da ke yawo bai isa ya tsirar da kowa ba. Ma'ana ɓargo kullum yana tanadin 'ya'ya fiye da bukata, kuma yawan EPO ne ke yanke adadin da za su wuce.

Wadda ta tsira takan ƙara rabuwa sau huɗu ko biyar, tana ƙanƙancewa tana cika cikinta da himogulobin. A nan take bukatar ƙarfe, da folik asid da bitamin B12 saboda rabuwar. A ƙarshe ta tofar da cibiyarta ta fito cikin jini a matsayin ɗanyar ƙwaya da ake kira retikulosait, wadda ke nuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga matakin da EPO ya kama ta zuwa fitowarta ana ɗaukar kimanin mako guda. Wannan mako yana da muhimmanci ga mai jinya, domin shi ne dalilin da ya sa allurar yau ba ta sauya PCV na gobe. Ƙirga ɗanyun ƙwayoyin nan kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta sanin ko ɓargo yana aiki. A lafiyayyen mutum sukan kasance kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na jajayen ƙwayoyi.

## Me ya sa ƙoda, ba zuciya ko huhu ba

Tun 1906 wasu Faransawa biyu, Paul Carnot da Clotilde Deflandre, suka kawo ra'ayin cewa akwai wani abu a cikin jini da ke zaburar da ɓargo. Sai a 1957 Leon Jacobson da abokan aikinsa a Chicago suka nuna cewa ƙoda ce tushensa: ɓeran da aka cire wa ƙoda ba ya iya ƙara sinadarin ko an rage masa jini. A jikin ɗan tayi hanta ce ke yin aikin, amma a baligi kusan kashi 90 cikin 100 daga ƙoda yake fitowa.

Dalilin da ya sa ƙoda ta dace da wannan aiki yana cikin yadda take cin iska. A ɗauki naman cinya. Idan manomi yana huɗa, cinyarsa tana zuƙe oksijin sosai, in ya zauna ta rage. Da a cinya ma'aunin yake, da kowace safiyar noma jiki zai ɗauka jini ya ƙare. Zuciya ma haka take, cinta yana hawa yana sauka da gudu da hutu.

Ƙoda ta bambanta. Nauyin guda biyun bai wuce giram 300 ba, amma suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke turawa, sama da lita ɗaya a minti. Suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, sannan siraran bututunsu su sake tsotse kusan dukansa da gishirinsa, a bar lita ɗaya da rabi ko biyu na fitsari. Wannan tsotsar gishiri ita ce ke cinye mafi yawan oksijin ɗin da ƙoda ke amfani da shi. To idan jinin da ke shigowa ya ƙaru, ruwan da ake tacewa ya ƙaru, aikin tsotsa ya ƙaru, cin iska ya ƙaru. Idan ya ragu, duka su ragu tare. Tun da shigowa da ci suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ragowar iskar da ke zaune a naman ƙoda ba ta cika motsawa saboda sauyin gudun jini ba. Babban abin da ke motsa ta shi ne yawan oksijin da kowace lita ta jini ta zo da shi. Wannan kuwa shi ne daidai abin da ake son aunawa.

Ƙwayoyin da ke yin EPO ba na bututun ba ne. Wasu ƙwayoyi ne masu dogayen yatsu da ke zaune a tsakankanin bututu da ƙananan jijiyoyin jini, a sashen ƙoda na waje zuwa inda ya haɗu da na ciki. A wannan wuri iska dama ƙalilan ce ko da lafiya, don haka raguwa kaɗan takan bayyana nan take. A lokacin lafiya kaɗan ne daga cikinsu ke aiki, waɗanda suka fi zurfi. Jini na raguwa, yankin ƙarancin iskar na faɗaɗa zuwa waje, ana samun ƙarin ƙwayoyin da ke shiga aiki. Ta haka EPO ke iya ninkuwa sau ɗari, har sau dubu a ƙarancin jini mai tsanani.

## Yadda ƙwaya ke gane iska ta yi ƙasa

Wannan shi ne ɓangaren da ya kai William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza ga lambar Nobel ta fannin likitanci a 2019.

A cikin waɗancan ƙwayoyi akwai wani furotin mai suna HIF, kuma nau'insa da ya fi shafar ƙoda shi ne HIF-2α. Aikinsa ya shiga cibiyar ƙwaya ya kunna ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa EPO. Ƙwayar ba ta jiran a shiga matsala kafin ta yi HIF. Tana yin sa dare da rana, tana kuma rusa shi dare da rana, cikin kamar minti biyar da yin sa. Abin ya yi kama da maigidan da ke tayar da ɗan aike kowane minti biyar ya je neman agaji, amma ya ajiye mai gadi a zaure ya ce muddin kana ganin lafiya, ka mayar da shi. Ranar da mai gadin ya kasa tsayawa, ɗan aike ya wuce, ba sai an sake ba da wani umarni ba.

Masu tsaron su ne sinadaran da ake kira PHD. Suna ɗaukar oksijin su liƙa shi a wurare biyu a jikin HIF. Wani furotin mai suna VHL yana gane wannan tambari, ya kama HIF ɗin ya miƙa shi inda ake niƙe furotin. Tun da oksijin ɗin kansa shi ne abin da PHD ke yin tambarin da shi, in ya yi ƙaranci aikin sai ya yi sanyi. HIF ya tsira, ya taru, ya shiga cibiya ya haɗu da abokinsa, su kunna EPO. Babu jijiyar da ke kai rahoto ƙwaƙwalwa, babu kuma rumbun da ake tara EPO a ciki. Sabo ake haɗawa, kuma ana fara ganin ƙaruwarsa a jini cikin awa ɗaya zuwa biyu. Idan jajayen ƙwayoyi suka ƙaru bayan makonni, iska ta koma daidai, PHD ya farfaɗo, EPO ya sauka.

HIF ba EPO kaɗai yake kunnawa ba. Yana taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfe, yana kuma kunna sinadaran da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini. Wannan zai dawo a maganar sababbin magunguna.

## Lokacin da ƙoda ta lalace

Hawan jini, ciwon suga, wasu cututtukan matatar ƙoda, da yawan shan magungunan kashe ciwo ko haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, duk hanyarsu ɗaya ce a ƙarshe: naman ƙoda ya koma tabo. Ƙwayoyin nan masu yin EPO su ne da kansu ke rikiɗewa su zama masu saƙa tabon, su bar aikinsu na asali. Akwai kuma matsala ta biyu da ba a cika faɗa ba. Ƙodar da ba ta tace ruwa da yawa ba ta da gishirin tsotsa da yawa, don haka cin iskarta ya ragu. Sai ragowar iskar da ke namanta ta yi kamar ta isa, alhali jinin mutum ya yi ƙasa. Ma'aunin ya karanta lafiya a inda babu lafiya. Shi ya sa idan aka auna EPO a jinin mai ciwon ƙoda sau da yawa za a same shi daidai da na mai lafiya, wanda ga mai PCV 21 gazawa ce babba, domin kamata ya yi ya ninka sau da dama. Wannan ne ma ya sa likitoci ba su cika neman gwajin EPO ɗin kansa ba.

Ƙarancin yakan soma bayyana idan aikin tacewa, wanda ake rubutawa eGFR, ya sauka ƙasa da 60, ya kuma tsananta ƙasa da 30. Wasu abubuwa suna ƙara masa nauyi. Dattin da ya taru a jini yana gajarta rayuwar jajayen ƙwayoyi. Kowane wanki yana barin ɗan jini a cikin bututu da matata. Sannan wani sinadarin hanta mai suna hefsidin, wanda ƙoda ce ke kawar da shi daga jiki, yana taruwa ya hana hanji tsotsar ƙarfe, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki.

Ya kamata a raba wannan da sauran ƙarancin jinin da aka saba gani a yankin. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya fasa wa jini, ko mai sikila wanda ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, ko matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, duk ƙodarsu tana aika saƙo da ƙarfi, ba EPO suka rasa ba. Gubar dalma ma, irin wadda ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum ta kashe yara wajen 400, tana tare hanyar ne a cikin ɓargo, inda take hana haɗa himogulobin, ko da yake in ta daɗe a jiki tana cin ƙodar ita ma. Saya wa irin waɗannan allurar EPO ba tare da binciken dalili ba asarar kuɗi ce.

## Misali da lissafinsa

A ƙaddara manomin shinkafa ne daga fadamar Argungu, shekarunsa 52, nauyinsa kilo 60, hawan jini ya cinye masa ƙoda har an fara wanki. PCV ɗinsa 21, Hb 7. Tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana haki daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida, amma in yana zaune lafiya lau, babu ciwon ƙirji. Ɗansa ya ce: "Likita, Baba ya sha maganin ƙarin jini kwalba huɗu, ga zogale ga hanta kullum, amma shiru."

Shirun yana da dalili. Maganin kwalba ƙarfe ne da bitamin, wato kayan haɗi. Hefsidin ya hana yawancinsu shiga ta hanji, waɗanda suka shiga kuma babu ƙwayoyin da za su karɓa, tun da suna mutuwa a matakin CFU-E.

Kafin allura likita zai nemi gwaje-gwaje kaɗan. Ƙirgar retikulosait, wadda a nan za ta fito ƙasa. Feritin, mai nuna ƙarfen da ke ajiye. TSAT, mai nuna ƙarfen da ke kan hanya zuwa ɓargo. Ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta ƙasa da ƙasa, ta ba da shawarar a gwada ba da ƙarfe idan TSAT bai wuce kashi 30 ba kuma feritin bai wuce 500 ba. A ce na wannan bawan Allah TSAT 15 ne, feritin 80. Ƙarfe ya gaza ƙwarai.

Ga abin da ya sa ba a tsallake wannan mataki. Mai kilo 60 yana da jini wajen lita 4.2. Ana son ɗaga Hb daga 7 zuwa 10.5, ƙarin giram 35 ke nan a kowace lita, jimilla giram 147 na sabon himogulobin. Kowane giram yana ɗauke da miligiram 3.4 na ƙarfe. Lissafin ya kama miligiram 500, ban da wanda ake rasawa a wanki da wanda za a mayar ma'ajiya. Hanjin mai lafiya ma miligiram 1 zuwa 2 yake tsotsa a yini. Shi ya sa ake ba da shi ta jijiya, galibi miligiram 100 ko 200 a lokacin wanki, har a tara wajen 1,000.

Allurar EPO ana fara ta da awon nauyi. A kan raka'a 50 ga kowane kilo, nasa ya kama raka'a 3,000 sau uku a mako. Inda wanki sau biyu ne a mako, likita kan daidaita adadin da ranakun zuwa. Yi a ƙarƙashin fata ya fi daɗewa a jiki fiye da ta jijiya, don haka yakan rage yawan da ake bukata. Cikin kwana 10 retikulosait za su hau. Hb kuwa sai tsakanin mako 2 zuwa 6 ake ganin motsinsa. Abin da ake nema ƙarin giram 1 zuwa 2 ne a wata, wato PCV ya tashi daga 21 zuwa wajen 25 a watan farko, ya kusa 30 a na biyu ko na uku. In ya haura giram 1 cikin mako biyu, rage allurar ake yi da kashi ɗaya cikin huɗu, domin hawa da sauri yana tayar da hawan jini, har ya kai ga jijjiga. Awon hawan jini a kowane zuwa yana cikin maganin.

In wata ya cika PCV bai motsa ba, ƙirgar retikulosait ce ke raba gardama. Idan sun yi yawa amma PCV na nan, ɓargo yana aiki, jinin ne ke zuba ko fashewa: a duba baƙin bahaya na gyambon ciki, a duba zazzaɓin cizon sauro. Idan ba su hau ba, saƙon ne bai yi tasiri ba. Ƙarfe shi ne na farko da ake zargi, sai ƙwayar cuta a bututun wankin da ke wuya ko cinya, sai wankin da bai wadatar ba, sai ƙarancin folik asid ko B12. Akwai kuma allurar kanta. EPO furotin ne da ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi, ba a girgiza shi. Wanda aka sayo a kanti da firjinsa ke kwana babu wuta, ko aka ɗauko a aljihu cikin zafin watan Afrilu daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, zai iya rasa ƙarfinsa ruwan yana nan garau kamar yadda yake.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen dangi yana zuwa ne bayan an ga sauƙi. Allurar tana barin jiki cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ƙwayoyin da ta samar suna nan makonni. Sai a daina saye a ga Baba yana nan da ƙarfinsa wata guda, a ce ya warke. A wata na biyu PCV ya gangaro, a koma farawa daga tushe. Ƙaramin adadi da ba ya yankewa ya fi babban adadi na lokaci-lokaci amfani, kuma magana ce da za a iya yi da likita a fili tun farko, a tsara gwargwadon aljihu.

## Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko tsakanin ƙarin jini ne da allura. Masu fifita ƙarin jini suna da hujja: leda ɗaya tana ɗaga PCV da wajen 3 a rana guda, dangi na iya bayarwa, kuma ga wanda ke haki a zaune ko zuciyarsa ta fara gazawa babu abin da ya maye gurbinsa. Kafin a amince da EPO na kamfani a Amurka a 1989, haka masu wanki ke rayuwa a ko'ina. Sai dai kowace leda tana shigo da ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250 da jiki ba shi da hanyar fitarwa, tana ƙara ruwa ga wanda ba ya fitsari, ga haɗarin ciwon hanta in tantancewa ta yi rauni. Mafi nauyi ga matashi, jinin mutane daban-daban yana sa garkuwar jiki ta koyi yaƙar naman wasu, har ranar dashen ƙoda a rasa wadda za ta dace da shi.

Na biyu shi ne iyakar da za a tsaya. Dangi kan tambaya me ya sa aka rage allura a PCV 33 alhali na mai lafiya 42 ne. Likitoci ma da farko haka suka yi zato. Wani gwaji da aka buga a 1998 ya kwatanta 42 da 30 a masu wanki da ke da ciwon zuciya, aka dakatar da shi kafin lokaci saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren 42. Gwajin TREAT na 2009, a kan masu suga da ciwon ƙoda sama da 4,000, ya sami shanyewar ɓarin jiki a kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka tura zuwa Hb 13, a kan kashi 2.6 na ɗaya ɓangaren. Daga nan ƙa'ida ta zama a fara wa mai wanki allura idan Hb yana tsakanin 9 da 10, kada a riƙe shi sama da 11.5, kada kuma a kai shi sama da 13 da gangan. Har yanzu masana suna muhawara kan ko kaurin jinin ne ke jawo illar ko yawan allurar da ake durawa don a kai can. Wasu kuma suna ganin matashi mai aikin ƙarfi, wanda zuciyarsa ke lafiya, ana iya barinsa ya ɗan haura 11.5 in ya fahimci haɗarin.

Na uku sababbin ƙwayoyin sha ne da suka fito daga binciken HIF. Suna danne PHD, sai ƙwayoyin jiki su ɗauka iska ta yi ƙasa, ragowar ƙoda da hanta su haɗa EPO nasu. Amfaninsu ya nuna cewa a ƙodar da ta lalace ma akwai sauran ƙwayoyin da za su iya aiki in an tashe su. China ta amince da roxadustat a 2018, Tarayyar Turai a 2021, Indiya kuma ta amince da desidustat a 2022. Magoya bayansu suna nuni da cewa ba sa bukatar firji ko mai yin allura, suna kuma rage hefsidin, abubuwan da ke da nauyi ga mai zama a ƙauyen da babu wuta. Masu taka-tsantsan suna tuna cewa hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da roxadustat a 2021 saboda damuwa kan gudajin jini, kuma tun da HIF yana kunna tsiron jijiyoyi, ana sa ido kan masu ciwon daji da masu ciwon idon suga. Iyakar Hb ɗin da aka sa wa allura ita ce dai a kansu, kuma mai shan su ba ya kuɓuta daga gwajin PCV, feritin da TSAT a kai a kai.